"Na koyi darasi" ba amsa ba ce a intabiyun manaja

Jama'a tun satin da ya wuce ake ta gardama kan tambayar nan ta intabiyu, wadda za a ce maka ba mu labarin lokacin da ka gaza a shugabanci. Wasu na cewa tarko ne, kar ka yarda ka ce ka taɓa kuskure. Wasu kuma sai su ce "matsalata kawai na cika son aiki". Haba malam, masu intabiyun nan sun ji wannan har sun gaji.

Zaɓen labarin ba wuya, bari mu wuce shi da sauri. Ya zama gaskiya, ya zama laifinka ne ba na yaranka ko maigidanka ba, kuma an riga an rufe maganar. Kar ka ɗauko abin da ya shafi cin amana ko taɓa kuɗi, wannan kai da kanka ka kori kanka.

To mu ɗauki misali. A ce kai ne shugaban sito a wani kamfanin raba kaya nan Sakkwato, motoci na lodi zuwa Illela da Gwadabawa da Tambuwal, mutum shida a ƙarƙashinka. Mai riƙe littafin sito dattijo ne, sa'an mahaifinka, Baba kake ce masa. Ka lura lissafin katan baya daidaita amma kunya ta hana ka magana, yau ka ce gobe, gobe ka ce bayan sallah, har wata uku. Odita ya zo aka ga katan 40 babu, zargi ya faɗa kan masu lodi, yaron da ya fi kowa ƙwazo ya yi fushi ya aje aiki.

Wannan duka daƙiƙa talatin ya ishe shi. Ka ce "Yallaɓai, na gani tun watan farko, ni ne ban yi magana ba." Ni, ba mu ba. Da ka ce "mun yi sakaci" an gane kana neman wanda za ku raba laifin.

Yanzu ga inda ake faɗuwa, ku ɗauka ga mai neman aiki zaune gaban masu intabiyu. Ya gama labari, ya ja numfashi, ya ce "gaskiya na koyi darasi, yanzu ina sa ido sosai." Ya yi shiru. Su kuma biro na hannunsu ba abin rubutawa, don sa ido ba abu ba ne da za a iya dubawa, kowa ma zai iya faɗa.

Abin da suke jira shi ne me ake yi a siton nan yanzu wanda da ba a yi. Sai ka ce: ƙidayar kaya ta tashi daga ƙarshen wata ta koma duk Alhamis, mutum biyu ke ƙirgawa kuma duka su sa hannu. Na kuma ɗora wa kaina doka, in lissafi ya saɓa ko da katan ɗaya ne zan zauna da mai littafi cikin kwana biyu, mu biyu a ofis, ba gaban yara ba. Kun ji bambancin? Akwai rana, akwai wanda ke yi, akwai takarda.

Amma har yanzu da saura, kuma ni a ganina nan ne maki yake. Kawo karo na biyu, ranar da abin ya sake tasowa. Bayan wata biyu ƙidaya ta nuna katan 3 babu, washegari ka ce Baba don Allah mu duba littafin nan tare, kuka bi rasit ɗaya bayan ɗaya sai ga shi kayan da suka lalace a hanya ne aka cire gefe ba a rubuta ba, ashe tun farko ramin ke nan, ba wanda ya saci komai. Aka buɗe shafi na musamman don irin waɗannan kaya. Odita na gaba bai samu giɓi ba.

Kuma ka shirya, za su tona. Yaron da ya tafi fa? In ka kira shi ka ba shi haƙuri ka faɗa, in bai dawo ba ka ce bai dawo ba, kar ka yi wa labarin kwalliya. Baba ya ji haushi? Wataƙila ya yi sati yana amsa gaisuwa da ƙyar, faɗi hakan ma. Wani a cikinsu zai iya cewa in muka kira tsohon maigidanka haka zai faɗa? Shi ya sa lambar da ba ka da tabbas kar ka ƙirƙiro ta, ka ce wajen katan arba'in.

Kafin ranar ka kunna agogon waya ka gwada da baki. Minti biyu gaba ɗaya, in ka ga labarin ɓatan kaya ya cinye fiye da rabi to yanke shi, ka ƙara wa ƙidayar Alhamis da zaman ku da Baba lokaci.