Darasi ga Sakatarori: Yadda Ake Rubuta Abin da Taro Ya Yanke

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau na sakatarori ne, ko na ƙungiyar unguwa, ko na kwamitin masallaci, ko na ofis. Wanda ke kusa da biro da takarda ya jawo su.

Mu ɗauki misalin taron ƙungiyar iyaye da malamai ta wata makarantar firamare. Iska ta yaye rufin aji huɗu, ga damina ta kankama. An shafe minti arba'in ana muhawara. Wani ya ce a rubuta wa ƙaramar hukuma, wani ya ce iyaye su yi karo-karo, wata uwa kuma ta ce a cire daga asusun ƙungiya. Har murya ta ɗan ɗaga. To, malam sakatare, me za ka rubuta?

Da yawa sukan rubuta: "An tattauna matsalar rufi, kuma za a gyara." Don Allah ku saurari wannan jimla da kyau. Za a gyara. Wa zai gyara? Da wane kuɗi? Yaushe? Bayan wata guda kowa zai ce ya ɗauka aikin wani ne, yara kuwa suna nan ruwa na dukansu. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin laifin ba na masu taro ba ne kaɗai, rubutun ne ya ba kowa ƙofar zamewa.

Ga yadda ya kamata ya kasance, zan karanta a hankali. "Batu na uku, rufin aji huɗu. An gabatar da hanyoyi uku: neman taimakon ƙaramar hukuma, karo-karo, ko asusun ƙungiya. An amince a cire kuɗin da bai wuce naira dubu ɗari da hamsin ba daga asusu. Mutum 14 sun yarda, 5 sun ƙi, 2 ba su kaɗa ƙuri'a ba. Hedimasta zai karɓo farashi daga kafintoci uku, ya miƙa wa ciyaman kafin 10 ga watan Yuli. Ma'aji zai biya bayan ciyaman ya sa hannu, ya kawo rasit a zama na gaba."

Kun ji? Muhawarar minti arba'in ta koma layi biyar ko shida, kuma babu abin da ya ɓace. Akwai abin da aka yanke, akwai mai aiki, akwai rana, akwai iyakar kuɗi. Ku lura ban ce "mako mai zuwa" ba, domin wanda zai buɗe littafin bayan wata shida bai san wane mako ake nufi ba. Kuɗi kuwa ku rubuta shi da lamba, ku sake rubuta shi da kalmomi, saboda sifiri ɗaya yakan raba zumunci.

Wanda ya faɗi me, da wanda ya fusata, duk ku bar su. Ana ambaton wanda ya gabatar da ƙuduri da wanda ya mara masa baya, sai kuma wanda ya nemi da bakinsa a rubuta cewa bai yarda ba. Wannan haƙƙinsa ne.

Yanzu ga inda aka fi tuntuɓe. Sau da yawa ana barin batu ba tare da an yanke komai ba, kowa ya gaji, ciyaman ya ce mu wuce. Kada ka ƙirƙiro musu matsaya, kada kuma ka mai da shawarar wani babba ta zama hukuncin taro don kawai ba wanda ya musa masa. Ɗaga hannu ka ce, "Ranka ya daɗe, kafin mu wuce, ga abin da na rubuta, haka ne?" Ka karanta a gaban kowa. Idan aka ce haka ne, shi ke nan. Idan aka sake kaurewa da gardama, ka gane ba a yanke ba, sai ka rubuta cewa an ɗage batun zuwa zama na gaba.

A saman shafi ka sa sunan ƙungiya, rana, wuri, lokacin farawa, waɗanda suka halarta da waɗanda suka aiko da uzuri. Ka tsaftace rubutun a ranar ko washegari, tun kana tune da abin da gajerun alamominka ke nufi, ka aika wa duk mai aiki a wuyansa nasa layin.

A zama na gaba za a karanta, a yi gyara idan akwai, a amince, ciyaman ya sa hannu da kwanan wata. Daga nan ba a goge ko harafi ɗaya. Idan ƙungiya ta sauya ra'ayi, misali kuɗin rufin ya ƙaru, sabon ƙuduri ake rubutawa a bayanan sabon zaman, a ambaci lambar batun da ya maye gurbinsa.

Lokacinmu ya cika. Sai mun haɗu a darasi na gaba, a huta lafiya.