Lacca: Yadda ake ba da labarin riba da asarar kamfani ba tare da ɗauko bakin kamfanin ba

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? Madalla. Abubuwa huɗu na shirya mu duba yau, idan lokaci ya bar mu.

Na farko, ku san cewa ranar da kamfani zai fitar da sakamakon shekara, takardu biyu yake fitarwa. Akwai sanarwar manema labarai, shafi biyu ko uku, wadda sashen hulɗa da jama'a ya rubuta. Akwai kuma cikakken bayanin kuɗi, wanda masu binciken kuɗi na waje suke dubawa su sa hannu. Sanarwar ce take fara isowa, ita ce mai sauƙin karantawa, shi ya sa ake kwafe ta. Ku ajiye ta gefe tukuna. Ku buɗe bayanin riba da asara, ku fitar da lambobi uku: kuɗin shiga, riba kafin haraji, da riba bayan haraji, kowanne tare da na bara a gefensa.

Na biyu, kuma nan ne zan daɗe, ku yi haƙuri da ni, shi ne abin da kamfanoni suke kira ribar da aka daidaita. Sau da yawa za ku gan ta da harufan EBITDA, wato abin da kamfani ya samu kafin a cire kuɗin ruwa na bashi, da haraji, da raguwar darajar injuna da sauran kadarori. In aka ce an daidaita ta kuma, to an sake cire wasu kashe-kashen kuɗi da shugabannin kamfanin suka ga dama. Su suka zaɓi abin da za a cire. Ku riƙe wannan, su suka zaɓa.

Bari mu yi misali a allo. Kamfanin na ƙirƙira ne, lambobin ma haka, duk a miliyoyi. Sanarwa ta ce: gagarumin ci gaba, riba ta ƙaru da kashi 50 cikin ɗari, daga 60 zuwa 90. To mu bi 90 ɗin nan mu ga inda za ta ƙare. Kamfanin ya sallami ma'aikata ya biya su haƙƙinsu, 15. Saura 75. Injunan da ya saya suna tsufa, an lissafa raguwar darajarsu ta bana, 30. Saura nawa? Malama ta ce 45, daidai ne. Injunan nan da bashi aka saye su, kuɗin ruwa ya ci 35. Saura 10. Haraji ya ɗauki 3. Abin da ya rage wa masu hannun jari shi ne 7.

Yanzu bara. An fara da 60, raguwar daraja 12, kuɗin ruwa 8, saura 40. Haraji 12, saura 28. Kun gani? Daga 28 zuwa 7. Riba ta faɗi da kashi 75 cikin ɗari a shekarar da sanarwa take cewa ta tashi da kashi 50. Kuma ba su yi ƙarya ba, nan ne wahalar take. Lambar 90 gaskiya ce, sai dai an tsayar da lissafin ne a inda ya fi kyau. Kamar ɗalibi ne da ya kawo wa mahaifinsa sakamakon jarrabawa ya ce, Baba, in ka cire lissafi da kimiyya, ni ne na ɗaya a aji. Kuna dariya, amma da mun buga wannan sanarwar yadda take, mu ne muka taya shi faɗa.

Yaya za a rubuta? Jimlar farko ta ce ribar kamfani bayan haraji ta ragu daga miliyan 28 zuwa miliyan 7, saboda kuɗin ruwa ya tashi daga 8 zuwa 35, raguwar darajar kadarori kuma ta ninka fiye da sau biyu. Can ƙasa sai ka kawo 90 ɗin, ka ce ma'aunin da kamfanin ya fi son amfani da shi ne, ka faɗi abin da aka cire daga cikinsa. Ba na cewa a jefar da ita. Tana nuna cewa cinikin kansa yana tafiya, bashi ne ya danne shi, kuma mai karatu yana da haƙƙin sanin haka.

Kada ku ɗauka a allo kawai ake wannan. A 2018 kamfanin WeWork na Amurka, mai ba da hayar ofisoshi, ya fito da wani ma'auni nasa na kansa wanda ya cire har kuɗin talla da na gudanarwa, alhali a shekarar ya yi asarar kusan dala biliyan 1.9, fiye da kuɗin shigarsa na kusan biliyan 1.8. A Amurka, tun 2003 dokar hukumar kula da hannun jari ta wajabta wa kamfani ya nuna teburin da ke haɗa irin wannan ma'auni da lambar da ƙa'idar akanta ta yarda da ita. Sabuwar ƙa'idar akanta ta duniya, IFRS 18, wadda aka fitar a 2024 za ta fara aiki a 2027, ita ma ta buƙaci a bayyana irin waɗannan ma'aunai a cikin bayanan kuɗin. Wannan teburin ku nema. Yawanci yana can ƙarshe da ƙananan rubutu.

Ga wata alama kuma. Idan an ce kashe kuɗin na lokaci ɗaya ne, ku ɗauko rahoton shekaru ukun baya. In kowace shekara ana cire kuɗin sake fasalin kamfani, irin na sallamar ma'aikata, to ya zama kashe kuɗi na yau da kullum, ku rubuta hakan da lambobinsa.

 Na uku, kalmomi, da sauri. Gagarumi, ƙarfafa, tarihi, duk da ƙalubale: ku cire su, ku sa lamba a gurbinsu. In dole sai sun shiga, su zama a bakin shugaban kamfani, da sunansa. Kuɗin shiga kuma ku auna shi da hauhawar farashi. Ƙarin kashi 10 a shekarar da farashi ya hau da kashi 20, a zahiri raguwa ce.

Na ga hannu. Bismillah, Malam.

Ga waɗanda ba su ji ba, yana tambaya ne: tunda masu bincike sun sa hannu, ashe riba bayan haraji ta zama tabbas? A'a, Malam. Ra'ayi suke bayarwa cewa bayanan sun nuna gaskiyar halin kamfani bisa ƙa'ida, kuma ana iya yaudarar su. Kamfanin Wirecard na Jamus, mai hidimar biyan kuɗi ta intanet, ya yi shekaru ana sa masa hannu, sai a watan Yuni na 2020 masu binciken suka ƙi, aka gano yuro biliyan 1.9 da ake cewa suna banki babu su. Don haka ka karanta rahoton masu binciken da kanka. Duba ko sun sa sharaɗi a ra'ayinsu, ko sun nuna shakkar cewa kamfanin zai iya ci gaba da aiki. In akwai wannan, shi ne kanun labarinka. Sannan ka buɗe bayanin shige da ficen tsabar kuɗi. Kamfani yana iya rubuta ciniki a littafi tun kafin a biya shi. In riba tana hawa, tsabar kuɗin da aiki ya kawo tana sauka, bashin da yake bin abokan ciniki yana ta taruwa, ka kira daraktan kuɗi ka tambaye shi su wa ake bi, kuma tun yaushe. In ya ƙi amsawa, ka rubuta cewa ka tambaya bai amsa ba. An ɗaga min hannu cewa lokaci ya cika, na huɗun sai zama na gaba.