Jika 400 ko jika 300: wace takarda za ka sa wa hannu?

[Hoto: farar mota mai doguwar eriya tana wucewa a bakin babbar kasuwar Maradi]

Wannan motar kowa a Maradi ya san ta. Da ta wuce sai ka ji an ce, wane ya samu aikin poroje, kakarsa ta yanke saƙa. To a cikinta akwai mutum huɗu, dukansu da riga iri ɗaya mai tambari iri ɗaya, amma takardun da suka sa wa hannu huɗu ne daban-daban. In kuɗin aikin suka ƙare gobe, ɗaya zai fita da haƙƙoƙinsa, ɗaya zai fita da sannu da aiki kawai.

Satin nan an yi ta musu a kan wata tambaya: wanda aka ba jika 400 a wata a matsayin mai kwangila, da wanda aka ba jika 300 a matsayin ma'aikaci, wa ya fi? Mafi yawa sun ce ai lissafi a fili yake, 400 ta fi 300. Za mu zo kan wannan, amma bari mu bi ta hanyar neman aikin da sauri tukuna.

[Hoto: allon waya, ana bi ta kan sanarwar aiki]

Sanarwar aiki tana fitowa a shafin intanet na ReliefWeb, da shafin kowace ƙungiyar agaji, da allon ofishin ANPE, wato hukumar samar da aikin yi ta ƙasa, wani lokaci kuma a manne a ƙofar biron ƙungiyar. Ayyukan Majalisar Ɗinkin Duniya, kamar PAM mai kula da abinci da HCR mai kula da ƴan gudun hijira da UNICEF, ta intanet ake cike su, kowace hukuma da shafinta. Ka tanadi katin ANPE tun kafin ka ga sanarwa, domin ƙungiyoyi da yawa suna neman sa a cikin dosiye, kuma ranar ƙarshe ba ranar bin layi ba ce. Ka rubuta a CV ɗinka cewa kana jin Hausa, kuma ka san Gidan Rumji ko Madarunfa ko Dakoro, in ka san su. Tun 2019 da mutane suka riƙa tsallakowa daga Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga, aiki da yawa a can ƙauyukan yake, irin su Garin Kaka da Cadakori, kuma wanda zai iya zama da mai gari su fahimci juna yana da abin da mai diploma daga Yamai ba lalle ya samu ba.

Duk wanda ya ce ka turo jika 10 kuɗin dosiye, ɓarawo ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta karɓar ko dala a wajen ɗaukar aiki.

To an kira ka, ka yi jarrabawa, ka ci. An ajiye takarda a gabanka. Nan ne mutane suke sauri, ido ya tafi kai tsaye wajen kuɗi. Ni kuwa ina roƙon ku, ku fara duba saman shafin farko.

[Hoto: takarda kusa-kusa, yatsa a kan layin farko]

Abu na farko, sunan wa aka rubuta a matsayin mai ɗaukar ka? Sau da yawa babbar hukuma ita ke kawo kuɗi, ta ba wata ƙungiya ta waje ko ta gida ta yi aikin a ƙasa. Tambarin babbar yana jikin rigarka, amma wanda ya sa hannu shi ne uban gidanka. Direbobi da masu gadi ma wani lokaci kamfani ne ya kawo su. Ranar da albashi ya makara, ƙofar wanda ya sa hannu za ka buga.

Abu na biyu, sunan takardar. In an rubuta CDD ko CDI, kai ma'aikaci ne, dokar aiki ta Nijar ta 2012 tana kanka. CDI ba shi da ranar ƙarewa, kuma a ƙungiyoyin agaji ba kasafai ake ba da shi ba, tunda su ma kuɗinsu na poroje ne, shekara ɗaya, shekara biyu. CDD shi ne ruwan dare: yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, ba ya wuce shekara 2, kuma sau ɗaya doka ta yarda a sabunta shi. In kuwa an rubuta contrat de prestation ko consultant, to a idon doka ba ma'aikaci ba ne kai. Ɗan kwangila ne, kamar birkilan da aka ce ya gina katanga a biya shi.

[Hoto: takardu biyu gefe da gefe a kan tabarma]

Mu ɗauki misali. Wata baiwar Allah, mu ce ta karanta aikin lafiya, an ba ta zaɓi biyu. Na farko CDD na wata 12, jika 300 a wata kafin a cire komai. Na biyu kwangilar wata 6, jika 400 a wata.

A na farko, ba za ta ga jika 300 cif a hannunta ba. Za a cire mata kashi 5.25 cikin ɗari na CNSS, Kes ɗin nan da muka sani, wato jika 15 da dala 150. Za a kuma cire harajin albashi. Shi ya sa mutane suke jin kamar an cuce su. Amma akwai abin da ba ta gani: ƙungiyar ita ma tana zuba wa Kes kashi 16.4 cikin ɗari daga aljihunta saboda ita, jika 49 da dala 40 kowane wata. Wannan kuɗin shi ke riƙe da fanshonta, da kuɗin ƴaƴa, da abin da za a biya in babur ya kayar da ita a hanyar Ɗan Isa tana bakin aiki. Tana tara hutu kwana 2 da rabi a kowane wata, ƙarshen shekara kwana 30 ke nan da albashinta. In ta samu juna biyu, tana da hutun haihuwa na sati 14. Kuma ba a iya sallamar ta kafin wata 12 su cika haka kawai, sai in ta yi babban laifi, ko an yi yarjejeniya da ita, ko wani abu da ya fi ƙarfin kowa ya auku.

A na biyu, jika 400 ɗin ke nan, babu ƙari a ɓoye. Ba mai zuba mata Kes. Maganar haraji tana wuyanta, ana ma iya neman ta kawo lambar NIF, wato lambar mai biyan haraji, kafin a biya ta. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, in biyan na kwana-kwana ne, wannan ranar ta tafi. Wasu kwangilolin ma ba wata-wata ake biya ba, sai ka miƙa rahoto an karɓa, kuma mai karɓar yana iya kasancewa a Yamai yana taro sati biyu, kai kana nan mai gidan haya yana sallama.

Yanzu a haɗa. Wata 6 sau jika 400, jika 2,400. Wata 12 sau jika 300, jika 3,600, ga na Kes a gefe. Kwangilar za ta fi ne kawai in ta tabbata akwai wani aikin yana jiran ta a wata na 7. Ga wanda ya ƙware, ana neman sa nan da can, yana da nasa ofishin, kwangila sana'a ce mai kyau. Amma ga wanda aikin nan shi kaɗai ne abincin gidansa, ni dai a ganina CDD ɗin zan ɗauka, ko da abokai za su ce na yi wauta.

Akwai wani abu da ya kamata a sani. Wani lokaci takarda ta ce prestation, amma kana zuwa ƙarfe 8 kamar kowa, kana da shugaba da ke ba ka umarni, ba ka fita sai da izini, wata da watanni. Doka tana kallon yadda ake aikin a zahiri, ko mene ne aka rubuta a kan takardar. In kana ƙarƙashin ikon wani yana biyan ka, akwai hujjar cewa ma'aikaci ne kai, kuma Inspection du Travail ta nan Maradi ita ce wurin kai wannan magana. Ka adana takardun biyan kuɗi da saƙonnin da ake ba ka umarni.

[Hoto: tuta mai ruwan bula a ƙofar wani biro]

Sai dai wannan ƙofar ba ta buɗuwa ga kowa. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suna da kariya, kotun aiki ta ƙasa ba ta hukunta su, nasu tsarin daban ne. A can za ka ga haruffa: G na ma'aikatan ofis da direbobi, NO na ƙwararrun ƴan ƙasa, P na waɗanda ake kawowa daga ko'ina a duniya. Fixed-term shi ne cikakken ma'aikaci, yawanci shekara ɗaya zuwa sama, da inshorar lafiya da asusun fansho na Majalisar. Amma sai ka shekara 5 kana zubawa kafin ka cancanci fansho, in ka fita kafin nan kuɗin da ka zuba ne za a mayar maka da ɗan ƙari. Kuma takardar tana faɗa ƙarara cewa ba alkawarin sabuntawa. Temporary bai kai shekara ba. Sauran kuwa, masu takardun kwangila irin su SC ko SSA ko consultant, suna ofis ɗaya, suna shan shayi ɗaya da kowa, amma ba a lissafa su cikin cikakkun ma'aikata. UNV ɗan sa-kai ne, kuɗin zama ake ba shi a wata da inshora, ba a kiran sa albashi.

Masu bincike na kwana-kwana da ake ɗauka sati biyu su zaga ƙauyuka da waya, da matan da ke auna hannun yara a unguwa ana ba su ɗan kuɗin ƙarfafawa, su ma aiki suke yi, har ya fi na wasu wuya. Shiga ce mai kyau, amma kar a ci bashin babur a kanta.

[Hoto: shafin ƙarshe, alƙalami a ajiye]

Kafin ka ɗauki alƙalami, nemi layin da ke cewa sous réserve de financement, wato aikin yana nan muddin mai ba da kuɗi bai janye ba. A Janairun 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta na waje, mutane da yawa a ƙasashe daban-daban sun fara karanta wannan layin ne bayan an kira su taro. Ka tambayi mai kula da ma'aikata kuɗin porojen nan har wane wata suka kai, kwana nawa za a sanar da kai kafin a tsayar, kuma jika 300 ɗin kafin cire-cire ne ko bayan. Tambayar ba rashin kunya ba ce, su ma sun saba da ita. In ka fara aiki, wata na biyu ko na uku ka karɓi lambarka ta CNSS, ka je ofishinsu da kanka ka ce a duba maka ko ana zubawa.