Yadda Ake Neman Lokacin Ganawa da Shugaban Ma'aikata a Gajeren Saƙo

Shugaban kamfani ko babban sakatare yakan karanta saƙonninsa ne a waya, tsakanin taro da taro ko a cikin mota, kuma saƙon da yake amsawa nan take shi ne wanda kalma ɗaya ta isa amsarsa. Saboda haka tambayar da aka fi yi, wato "yaushe za ka samu lokaci?", ba ta cika yin aiki ba duk da ladabin da ke cikinta, domin ta ɗora masa nauyin buɗe jadawalinsa da zaɓen rana da ƙiyasta tsawon ganawar, sai ya ajiye ta zuwa anjima, shi ke nan ta nutse.

Mu ɗauki misalin shugabar sashen kuɗi a wani kamfani da ke Kakuri a Kaduna, wadda take buƙatar amincewar manajan darakta kan sayen sabon janareta, alhali farashin da dillali ya bayar zai daina aiki ranar Juma'a 17 ga wata. Ga saƙon da za ta rubuta:

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ina neman minti 15 domin samun amincewarka kan sayen janareta kafin farashin ya canza ranar Juma'a 17 ga wata. Zan iya zuwa ofishinka ranar Talata 14 da ƙarfe 10:30 na safe, ko Laraba 15 da ƙarfe 3:00 na yamma. Idan babu wanda ya yi maka, zan daidaita da sakatarenka. Na haɗa takardar farashin mai shafi ɗaya."

Ku lura cewa gaisuwar layi ɗaya ce. A gaban mutum, doguwar gaisuwa da tambayar iyali wajibi ne a al'adarmu, amma a rubuce tana tura ainihin buƙatar can ƙasa, inda ba za ta bayyana a sanarwar da ke faɗowa kan fuskar waya ba. Bayan gaisuwa sai dalili da tsawon lokaci a jimla guda, kuma dalilin ya faɗi shawarar da ake so ya yanke. "Akwai maganar da nake so mu tattauna" tana sa babba ya yi ɗari-ɗari, tun da bai san ko ƙorafi ne ko roƙon alfarma ba.

Zaɓen lokutan shi ne inda aikin yake. Biyu ko uku sun wadatar: lokaci ɗaya tak yana kama da umarni daga ƙasa zuwa sama, biyar kuwa sun mayar masa da wahalar da ake son ɗauke masa. Ya kamata su faɗo a ranaku daban-daban, ɗaya da safe ɗaya da yamma, domin idan tafiya Abuja ta cinye masa Talata gaba ɗaya, Laraba tana nan. A Kaduna an fi kauce wa safiyar Litinin, wadda ma'aikatu da yawa ke ware wa taron shugabannin sassa, da kuma tsakanin ƙarfe 1:00 da 2:00 na rana saboda sallar Azahar da cin abinci. Juma'a ma ba ranar dogaro ba ce, saboda masallaci, kuma ga masu hulɗa da gwamnatin jiha, a watan Disamba 2021 ne aka shigo da tsarin zuwa ofis kwana huɗu a mako, daga Litinin zuwa Alhamis.

A rubuta sunan rana tare da kwanan wata, a kuma ce na safe ko na yamma, domin "jibi" tana sauya ma'ana idan sai washegari ya buɗe saƙon. Idan yana ƙasar waje, a ba shi lokacin da agogon inda yake: Makka tana gaban Najeriya da awa 2, Dubai da awa 3, London kuwa tana bayanmu da awa 1 daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, sauran watanni agogonmu ɗaya.

Mai hikima yakan tuntuɓi sakatare tun kafin ya rubuta, ya ji waɗanne sa'o'i ne babu komai a cikinsu, sannan ya toshe su a nasa jadawalin har amsa ta zo, domin ba ƙaramin abin kunya ba ne shugaba ya ce "Talata ta yi" ka dawo kana neman a ɗaga. Idan kwana biyu na aiki suka wuce shiru, a sake tura saƙo a ƙarƙashin na farko, a cire lokacin da ya riga ya wuce, a sa sabo a madadinsa, ba tare da tuna masa cewa bai amsa ba. Da zarar ya zaɓa, a tabbatar da layi ɗaya: "Na gode, ranka ya daɗe, Laraba 15 da ƙarfe 3:00 a ofishinka," sannan a tura gayyatar kalanda, a sanya sakataren a ciki.