"Tsaya ka ƙarasa": Wa zai sa hannu a kan obataim?

Bashir: Jama'a barkanmu da warhaka. Yau ina tare da Hajiya Rabi, kuma kan obataim za mu tattauna. Hajiya, a ce masana'antar shinkafa ce a Sharada, tirela ta iso dab da tashi, sufabaiza ya ce a tsaya a sauke. Ƙarshen wata ba kuɗi. Ina aka kuskure?

Rabi: Da baki aka yi, Malam Bashir. Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce duk abin da ya haura sa'o'in aikin da aka amince da su ƙarin lokaci ne, amma bai yanke farashi ba. To in kamfani bai rubuta ba, da me lebura zai kafa hujja?

Bashir: Me za a fara rubutawa?

Rabi: Lokacin tashi. Takwas zuwa biyar, da awa ɗaya ta hutu. Sai wanda ke da ikon ba da izini, a ambaci muƙaminsa, da mai tsaya masa in ba ya nan. Sannan iyaka: misali awa biyu a rana, goma a mako, abin da ya wuce sai manaja. Kada a manta, doka ta ba ma'aikaci hutun kwana ɗaya cikin bakwai.

Bashir: Amma Hajiya, tirela ba ta jiran fom.

Rabi: Nan ne yawancin takardu suke zalunci. Sai a rubuta "ba izini, ba biya", alhali shugaba ne ya tsayar da mutum. Ni a ganina a sa ƙa'idar gaggawa: sufabaiza ya ba da umarni ta saƙon waya, ya sa hannu cikin awa 24. In ya yi sakaci, shi za a tuhuma, ma'aikaci kuwa a biya shi bisa rajistar shiga da fita. Gumin bawan Allah ba ya faɗuwa don wani ya manta biro.

Bashir: Yi mana lissafin.

Rabi: Mai albashin naira 88,000, kwana 22, awa takwas kullum, awa 176 ke nan, kowace awa naira 500. In kamfani ya yarda da ɗaya da rabi, ta zama 750. Awa goma, 7,500. A sa wannan misalin cikin takardar, da Hausa, a manna a bakin ƙofa.

Bashir: Karɓar kuɗin fa?

Rabi: Fom ɗaya: kwanan wata, lokacin farawa da gamawa, aikin da aka yi, sa hannun mutum biyu. Ma'aikaci ya riƙe kwafi. A ce wanda ya miƙa kafin 20 ga wata zai gani a albashin watan, na baya sai wata mai zuwa, ba wai ya bi ruwa ba.

Bashir: In aka ƙi biya?

Rabi: A rubuta masa dalili cikin mako ɗaya, a kuma faɗi ofishin da zai kai ƙorafi, wanda ba na sufabaizan da ya ƙi ba.