ASA ko ABS: wace roba ce ke jure rana da ruwan sama?

An rubuto wannan daga rikodin laccar da aka yi wa masu koyon aiki da firintar 3D, an ɗan taƙaita.

Assalamu alaikum. Mu ɗauki aiki guda: an kawo muku kwangilar murfin akwatin haɗa wayoyin sola, tsawonsa milimita 300, zai zauna kan rufin kwano a Kano rani da damina. Ga ABS ga ASA a gabanku. Ni ASA zan ɗauka, ga dalili.

Robobin nan biyu 'yan gida ɗaya ne. Kowacce tana da sitirin da akirilonaitiril, su ke ba ta tauri. Inda suka raba hanya shi ne sinadari na uku, wato danƙon da ake zubawa don kada abu ya fashe idan ya sha bugu. A ABS danƙon butadayin ne, kuma a jikinsa akwai wasu mahaɗai masu rauni da hasken UV na rana da iskar oksijin ke tsinkawa. A ASA an musanya shi da danƙon akirilet, wanda ba shi da irin waɗannan mahaɗan. Kamfanin BASF na Jamus ne ya fara sayar da ita da sunan Luran S, kuma irinta ake yin gidan madubin gefe na motoci da yawa da ita, ko fenti ba a yi masa.

To, yaya za ku gane rana ta ci ABS? Da farko farar takan koma ruwan ɗorawa, kamar jikin tsohuwar kwamfuta. Sai ƙyallin ya tafi. Ku karce ta da farce, za ku ga farin gari ya biyo. Amma babbar shaida a lanƙwasawa take: lafiyayyar ABS takan yi fari a wurin lanƙwasar kafin ta karye, wadda rana ta cinye kuwa ƙas! take yi nan take. Ku lura, fatar sama kawai ta lalace, cikin lafiya lau yake. Sai dai tsaga takan fara daga busasshiyar fatar nan ta ratsa har ciki, galibi ta bakin ramin ƙusa.

Ruwan sama kuma ba shi ne babban abokin gaba ba, domin dukansu biyu ba sa shan ruwa sosai. Ta tsakanin layukan da firinta ta shimfiɗa ruwan yake shiga. Don haka ku sa kaurin bangon murfin ya kai zagaye 4, ku karkata samansa, ku bar ƙaramin rami a ƙasa don abin da ya shiga ya fita.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne zafi. Dukansu sai wajen digiri 100 suke fara laushi, ba kamar robar PLA da ke saki tun wajen 60 ba. Amma suna buɗewa. Kowane digiri ɗaya yana ƙara wa tsawo kusan kashi 9 cikin 100,000. Mu ce da asubar hunturu murfin yana digiri 15, da azahar ɗin Afrilu kan kwano ya kai 65. Bambanci 50 ke nan. Ku lissafa:

```
300 × 50 × 0.00009 = 1.35
```

Milimita ɗaya da 'yan kai! Idan kun ɗaure shi tam a kan ƙarfe, wanda ko kusa ba ya buɗewa haka, ko ASA ce sai ta bankare ko ta tsage. Ku yi ramin ƙusa ɗaya zagayayye, sauran ku ja su su yi tsawo, ku sa wosha, kada ku matse har ƙarshe.

Wani ɗalibi: Malam, ASA ta fi tsada, kuma ba kullum ake samunta ba. In ABS ce kawai a hannu fa?

Ka yi tambaya, ɗana. Ka ɗauki baƙa, domin baƙin garin kabon da ke cikinta yana tare UV, sai dai ta fi ɗaukar zafi. Ko kuma ka goge ta da samfefa, ka yi mata fenti mai kauri mai hasken launi, ka riƙa dubawa, don duk inda fentin ya ɓare nan rana za ta shiga. In kuwa abin cikin inuwa zai zauna, kada ka ɓata kuɗinka, ABS ta isa, har ta ɗan fi jure bugu.

Wajen bugawa halinsu ɗaya: bakin na'ura digiri 240 zuwa 260, faranti 90 zuwa 110, a rufe firintar kada iska ta ɗaga kusurwoyi. Ɗakin kuma ku buɗe tagoginsa, warin sitirin ba abin shaƙa ba ne.