Amsoshin Tambayoyinku: Tsawa da ƙarfen sabis

Mai gabatarwa: Saƙonmu na farko daga Rigasa yake, mai sauraron yana cewa: "Gaskiya ne wayar salula tana jawo tsawa? Mahaifiyata ba ta bari a taɓa waya da zarar hadari ya haɗo." Injiniya, barka da zuwa, bismillah.

Injiniya: Barka kadai, Malam. A'a, ba ta jawowa. Wadda ke jone a caji ce abin gudu, domin ta wayar lantarki tsawa ke shigowa ɗaki. A zare caja, a ci gaba da magana.

Mai gabatarwa: To ka ji, ɗan Rigasa. Hajiya tana da rabin gaskiya, ka lallaɓa ka yi mata bayani, ban da gardama. Sai wata ɗaliba daga Unguwar Rimi: "Jan fitilar da ke can saman ƙarfen sabis, ita ce ke korar tsawa?"

Injiniya: Ta jiragen sama ce wannan, don matuƙi ya hango ƙarfen da dare.

Mai gabatarwa: Madalla. Yanzu ga wadda za mu daɗe a kanta, don saƙo irinta ya yi yawa a wannan makon, daga Kawo, daga Tudun Wada, har daga Rigachikun. Wani magidanci daga Hayin Banki ya rubuto: "Akwai ƙarfen sabis a bayan gidana. Bara a ruwan farko aka yi tsawa, talabijin ɗina da dikoda suka ƙone, na maƙwabcina ma haka. Ga tanda-aresta muna gani a samansa. Mene ne amfaninta ke nan? Ko ƙarfen ne ke jawo mana?"

Injiniya: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Kowa wannan tsinin ƙarfen na sama yake kallo, shi ake kira tanda-aresta, alhali shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Ba ya hana tsawa sauka. Tarbarta yake yi, don ta sauka a kansa maimakon kan eriya. Ƙarfen da ya kai mita 40 ko 50 a unguwar da duk gidaje ƙasa-ƙasa ne, dole tsawa ta fi samunsa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. To idan ta sauka, ina za ta bi? Tsawa matsakaiciya tana ɗauke da wuta kamar ampiya 30,000, wata takan haura 100,000. Soket ɗin ɗakinka ampiya 13 aka yi shi ya ɗauka. Duk wannan wutar hanyar shiga ƙasa take nema, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Tun zamanin Benjamin Franklin, wanda ya yi gwajinsa a 1752, ai mutane suna ta...

Mai gabatarwa: Injiniya, a bar Franklin ya huta, Alhaji talabijin ɗinsa yake tambaya.

Injiniya: To, na dawo. Babban aikin yana ƙarƙashin ƙasa, inda ba mai gani. Ana haƙa rami a zagaye gindin ƙarfen, zurfin aƙalla rabin mita, a shimfiɗa zoben jan ƙarfe, falle mai faɗin milimita 25 da kaurin 3. Sai a kakkafa sanduna masu rufin jan ƙarfe, kowace mita 2 zuwa 3, a haɗa su da zoben. Ba a cunkusa su wuri ɗaya, a bar tazarar da ta kai tsawon sandar, in da hali ninki biyu, in ba haka ba ƙasa ɗaya suke rububi. Daga nan sai a auna yadda ƙasar ke karɓar wuta. Ma'aunin sunansa om, kuma ƙanƙantarsa ake so. A wurin sadarwa muna neman ƙasa da om 5.

Mai gabatarwa: Dakata in maimaita wa masu sauraro. Na sama tarba yake yi, na ƙasa shi ke shanyewa, kuma lambar da ake so ƙasa da 5. Haka ne?

Injiniya: Haka ne. Bari in ba ka labarin wani wuri da aka taɓa kira na, a hanyar Kachia, inda ƙasar duk marmara ce da dutse. A takardar da aka miƙa aikin an rubuta om 4, kuma ba ƙarya aka yi ba, sai dai a watan Agusta aka auna, ƙasa sharkaf. A farkon damina ta uku, tsawa ɗaya ta cinye rektifaya, wato na'urar da ke cajin batura, ta cinye allon sarrafa janareta, maƙwabta biyu kuma suka yi asarar kaya. Da na je sai na cire haɗin, na kafa ƙusar gwaji ɗaya a mita 50, ɗaya a mita 31, wato kashi 62 cikin ɗari na nisan, kamar yadda ake yi. Na'ura ta nuna 38. Ka yi lissafi: ampiya 30,000 sau 4, bolt 120,000 ke nan. Sau 38 kuwa, ya haura bolt miliyan ɗaya. Ƙasar wurin gaba ɗaya haka take tashi a wannan ɗan lokacin. Wutar da ta rasa hanyar nutsewa sai ta nemi wata hanyar, mafi kusa kuwa ita ce wayar lantarkin da ta fito daga taransifomar da ƙarfen da maƙwabta suke sha tare.

Mai gabatarwa: Subhanallahi. Daga 4 zuwa 38, me ya kawo haka?

Injiniya: Da muka tone sai muka gani da idonmu. Ramin sandunan gishiri da gawayi aka ɗura masa, wanda shi ne abin da masu wayarin da yawa suka saba. Gishiri yana saukar da lambar a ranar da za a karɓi kuɗi, amma ruwa yana wanke shi, kafin ya tafi kuma ya ci ƙarfen. Maɗaurin da ke riƙe waya da sanda ya koma kore, ina murza shi da yatsa yana zuba kamar gari. Ga rani: daga Nuwamba zuwa Maris ba ɗigon ruwa, ƙasa ta bushe ƙayau. Shi ya sa ruwan farko na Afrilu da Mayu ya fi ɓarna, ga tsawa mai ƙarfi, ƙasa kuma ba ta jiƙa ba tukuna. Sannan aka zo aka yanke fallen jan ƙarfen da ya haɗa ƙafa biyu na ƙarfen da zoben, aka tafi da shi.

Mai gabatarwa: A nan zan sa baki. Matasanmu masu yankan waya, da ku masu saye a kan sikeli ba ku tambayi inda aka samo ba, ku ji tsoron Allah. Ɗan kuɗin da za a samu bai kai kayan gida ɗaya da za su ƙone ba, balle rai. Ci gaba, Injiniya.

Injiniya: Abin da ya fi ba ni haushi kuwa, janareta an kafa masa tasa sandar daban can gefe, ba a haɗa ta da zoben ba. Ka ɗauki mutane a kwalekwale a kogin Kaduna: in ruwa ya taso, gaba ɗaya suke ɗagawa, ba abin da ke samun kowa. Wanda ƙafarsa ɗaya ke ciki ɗaya a kan gaɓa, shi ne zai ji jiki. Ko da om 4 ɗin ma ai bolt 120,000 ne, ba abin wasa ba. Abin da ke ceton kaya shi ne ƙarfen, da akwatin na'urori, da janareta, da tankin gas, har shingen waya, duk a ɗaure su wuri guda su tashi tare. Muka gyara haka. Muka ƙara sanduna, muka miƙa fallaye kwance tun da dutse ya hana zurfi, muka cike ramin da yumɓun bentonayit mai riƙe laima, haɗin kuma muka narka shi da walda, ba noti ba. Muka sake aunawa a watan Maris, ya tsaya a 4 da ɗoriya.

Mai gabatarwa: A watan Maris, ba Agusta ba. Masu ba da kwangila, kun dai ji. To ita arestar ta cikin akwati fa?

Injiniya: Yauwa, wannan daban take da ta sama. 'Yar na'ura ce kamar bireka, za ka ga an rubuta SPD a jikinta. Kullum a rufe take, ba ta taɓa wutarka. Da ƙarfin wuta ya yi tsalle sai ta buɗe, ta karkatar da shi zuwa ƙasa, ta sake rufewa. Ana sa babba a inda wuta ke shigowa, matsakaiciya a allon raba wuta, wata kuma a kan wayar bolt 48 da ke hawa sama wajen rediyoyi. Zaren faiba gilashi ne, ba ya ɗaukar wuta, don haka ba ya buƙatar aresta. Amma a lura, wayar da ta haɗa aresta kada ta wuce rabin mita duka-duka, kuma a miƙe, domin a saurin tsawa kowace mita ta waya tana iya ƙara bolt dubu ko fiye. Sannan arestar tana mutuwa. Akwai 'yar taga a fuskarta, kore lafiya, ja ta gama aiki. A wancan wurin ja muka tarar, ƙura ta lulluɓe tagar, ba wanda ya leƙa. Kuma aresta ba tare da haɗin ƙasa mai kyau ba, ba ta da inda za ta zubar.

Mai gabatarwa: To Alhaji na Hayin Banki, me zai yi a gidansa?

Injiniya: Ya samu ƙwararren mai wayarin ya duba ko gidan yana da sandar ƙasa, ya auna ta, ya sa masa aresta a allon wutar gidan. Sitabilaiza ba ta tare tsawa, kafin ta motsa an riga an wuce ta. Idan hadari ya taso ya zare filogi daga bango, kashe makunni bai isa ba, ya kuma zare wayar dish daga bayan dikoda, don ita ake mantawa. Ya rubuta wa masu ƙarfen takarda, akwai lambar wurin a allon da ke jikin shinge, ya nemi a auna haɗin ƙasa kafin damina. Idan ya hango waya a yanke tana lilo a gindin ƙarfen, ya sanar, kada ya taɓa.

Mai gabatarwa: A zare filogi, a zare wayar dish, a rubuta takarda. Saura mana minti ɗaya. Wani makiyayi daga wajen Kujama ya sa an rubuto masa: "In ruwa ya kama ni a daji, zan iya fakewa da shanuna kusa da ƙarfen sabis?"

Injiniya: A'a, Baffa, ka yi nesa da shi, ka yi nesa da shingen. Wutar da ta shiga ƙasa bazuwa take yi, tana raguwa da nisa, saniya kuwa ƙafafunta na gaba da na baya suna da tazara, sai wutar ta shiga ta nan ta fita ta can, ta bi ta ƙirjinta. Kai ma in ba gini ko mota a kusa, ka guji bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, ka haɗe ƙafafunka wuri guda, kada ka kwanta. Kuma a dakata minti 30 bayan rugugin ƙarshe kafin a ci gaba da harka a fili.

Mai gabatarwa: Allah ya tsare garke, Baffa. Injiniya, mun gode. Ga mai kula da na'ura can yana ɗaga mini hannu. Saƙon da ya zo daga Barnawa kan gidaje masu sola a rufi, shi za mu fara da shi mako mai zuwa in Allah ya kai mu.